Sunanka a Bakin Abokan Aikinka a Ƙasar Waje

Sharhinmu na yau na 'yan'uwanmu ne da neman abinci ko karatu ya kai su ƙasashen Turawa, da kuma masu shirin tafiya. Magana ce a kan suna, sunan yanka, wanda aka tara mutane ranar bakwai aka raɗa wa mutum, da yadda yakan koma wani abu dabam a bakin abokan aiki, mai sunan yana ji yana gani amma nauyin baki ya hana shi gyarawa.

Bari mu ɗauki suna guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce sunanki Sa'adatu, ma'aikaciyar jinya ce ke, kin samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila. Safiyar farko, masu aikin dare suna miƙa wa masu aikin rana marasa lafiya. Shugabar ɗakin ta duba takardar hannunta, ta yi jim, ta ce, "Sadatu?" Kafin ki buɗe baki ta ƙara da cewa, cikin fara'a, "Ko dai mu riƙa ce miki Sadi, ya fi sauƙi?" Mutum goma sun zuba miki ido, ga aiki yana jira. Sai kika yi murmushi kika ce to.

Wannan "to" ɗin tana da tarihi. Mu mutane ne da aka rene mu a kan alkunya, kuma suna yana daga cikin wuraren da alkunyarmu ta fi ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta, ba a faɗin sunan suruki. Yaro kuma ba ya tsayar da babba a gaban mutane ya ce masa ya yi kuskure. To wanda ya tashi a haka, in ya je inda shugabarsa ta karya masa suna ranar farko, abu biyu ne suke danne shi lokaci guda: jin nauyin gyara wa na gaba, da jin cewa tsayawa a kan sunan kai kamar nuna isa ne. Ga kuma zaman baƙunci, mutum yana lallaɓa aikin da ya sha wahala kafin ya samu. Ina girmama wannan tarbiyya ƙwarai. Sai dai a can ba a karanta shirun yadda muke nufinsa. Shugabar nan da ta ji "to", abin da ta fahimta shi ne kin yarda, har kina so. Za ta rubuta Sadi a allon rabon aiki da zuciya ɗaya.

Kuma suna in ya kama bakin mutane, sakinsa da wuya. Masu kallon ƙwallo za su tuna César Azpilicueta, ɗan Sifen ɗin da ya zo Chelsea a 2012. Sunansa ya yi wa Turawan Ingila tsawo, suka laƙaba masa Dave. Ya karɓa da raha, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2021, ya bar ƙungiyar a 2023, duk tsawon shekarun nan ana kiransa Dave. Shi ya yarda da hakan, babu laifi. Abin lura dai shi ne sunan da aka ba ka a makon farko shi ne yakan bi ka. Tun ran gini ran zane.

Kafin mu zo kan abin da Sa'adatu za ta faɗa, ya kamata mu san daga ina kuskuren yake fitowa, domin wanda ya san dalili ba ya jin zafi sosai, kuma ya fi sanin inda zai gyara.

Da farko, abin da ke rubuce a takardar shugabar nan ba cikakken sunanki ba ne. Layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan shafin fasfo ba su ɗaukar ɗaurin nan da ke tsakanin a da a, kuma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sau da yawa kwamfutocin ma'aikata ma haka suke. Saboda haka Sa'adatu takan isa wurin aiki a matsayin SAADATU, Ɗahiru ya zama DAHIRU, Abdulƙadir ya rasa ƙugiyarsa tun a filin jirgi. Baturiya da ta ga a biyu a jere, za ta haɗe su ta ja, gaɓa huɗu ta koma uku. Abin da ta gani ta karanta.

Na biyu, Turanci harshe ne da sai ya danna gaɓa ɗaya a cikin kalma, sauran ya sassauta su har wasulansu su dushe. Mu kuwa tsawon wasali da hawa da saukar murya muke bi. In Bature ya ci karo da baƙon suna mai ƙarewa da wasali, yawanci gaɓar kusa da ta ƙarshe yake dannawa. Shi ya sa Aminu da Hadiza ba su cika shan wahala ba, amma Zainabu da Sa'adatu sukan ji an danne musu inda bai kamata ba. In ba ki nuna masa inda zai danna ba, zai zaɓa da kansa.

Na uku shi ne kunne. A 1984 wata masaniya a Kanada, Janet Werker, da abokin aikinta Richard Tees, sun gwada jariran gidajen da ake Turanci da sautukan wasu harsuna, ciki har da na wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada mai baƙaƙe masu fashewa daga maƙogwaro, dangin ƙ ɗinmu. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe sautukan. Da suka kai wata 10 zuwa 12, yawancinsu sun daina. Wato tun kafin yaro ya fara magana kunnensa ya riga ya tsaya a kan sautukan gidansu. Don haka in ka ce wa abokin aikinka Ƙasimu ya ce Kasimu, ka maimaita ya sake cewa Kasimu, shi a kunnensa abu ɗaya kuka faɗa. Mu ma muna da namu: p da f sukan haɗe mana, v takan koma b, kuma kakanninmu da suka ji Lugard, Gwamna Lugga suka ce.

To daga nan ne aikin yake farawa, kuma a ɗaki yake farawa, kafin a je wurin aiki. Yawancin jin nauyin da muke yi yana zuwa ne saboda abin yakan same mu ba shiri. Ki zauna ki tambayi kanki: a cikin sunan nan, mene ne in aka taɓa shi sunan ya tashi daga nawa, mene ne kuma zan iya yafewa? Ga Sa'adatu, ni a ganina abu biyu ne ba a bari: gaɓoɓin su cika huɗu, sa, a, da, tu, sannan a ja ta biyun. Hawa da saukar murya irin ta Kano ko ta Zazzau, wannan a bar wa 'yan gida. Ga Abdulƙadir, abin riƙewa shi ne a kai sunan ƙarshensa, kada a yanke shi a Abdul in shi bai so ba, kuma a san inda za a danna. Ƙugiyar ƙ kuwa, in wani ya nuna sha'awar koyo a koya masa, amma kada a tsare mutum a bakin ƙofa ana maimaita masa sautin da kunnensa bai ma ji bambancinsa ba. Wanda ya nemi komai da komai a rana ɗaya yakan sa mutane su ji tsoron sunan, su koma kiransa da "kai" ko su daina kiransa gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi karya sunan muni.

Bayan kin san abin da kike nema, sai ki nemo masa madogara daga cikin harshensu. Mutum ba ya riƙe sabon sauti sai an ɗaura shi a jikin wanda ya sani. Sa'adatu ta yi sa'a a nan. Tsayawar numfashin da ke tsakanin sa da a, Turawa suna da ita, ba su dai rubuta ta. In abu ya suɓuce wa Bature yakan ce "a'o", da 'yar tsayawa a tsakiya, irin tamu ta a'a. Mutanen Landan da yawa kuma in za su ambaci ruwa ko kwalba da harshensu, haɗiye t ɗin tsakiya suke yi su sa wannan tsayawar a gurbinta. Gaɓar ƙarshe kuma, tu, daidai take da yadda suke kiran lamba biyu. Kin ga ke nan kin samu abin da za ki ce: a tsaya kaɗan bayan sa, a ƙare da lamba biyu.

Madogarar takan canza da ƙasa. A Faransa ba a furta h, shi ya sa Hauwa takan koma Awa, Hadiza ta koma Adiza, kuma harafin u nasu ba namu ba ne, dalilin da ya sa 'yan'uwanmu na Nijar suke rubuta Ousmane da Haoua. A Jamus j tana fita kamar y, w kamar v, z kuma kusa da ts, saboda haka Jamila za ta ji Yamila, Zainab ta ji wani abu kamar Tsainab. Kowa ya duba yadda mutanen inda yake suke karanta haruffan sunansa, zai ga kuskuren tun kafin a yi shi.

Yanzu mu koma safiyar nan. Shugaba ta ce, "Sadatu? Ko mu ce Sadi?" Ga abin da za ki ce da harshensu, fuska a sake: "Sa'adatu ne. Gaɓa huɗu, sa, a, da, tu, ƙarshensa kamar lamba biyu. Na fi son a kira shi cikakke." Ta gwada. In ta kusa, ki ce, "Haka ne, na gode," ki mai da ido kan takardar marasa lafiya. Duka bai kai daƙiƙa goma ba.

Akwai abubuwan da na lura suna ɓata wannan ɗan lokacin, kuma duka daga kyakkyawar zuciya suke fitowa. Ɗaya shi ne fara magana da ban haƙuri: "Yi haƙuri, sunana da wuya." Da kin faɗi haka kin riga kin gaya mata ba za ta iya ba, kin kuma ba ta hujjar neman gajere. Wani shi ne faɗin sunan sannan a bi shi da "amma kina iya ce mini Sadi". Duk wanda aka ajiye wa biyu, mai sauƙin zai ɗauka, kuma ba za ki sake jin na farkon ba. Sai sauri. Mu da muka saba da sunanmu mukan harba shi kamar walƙiya, musamman in muna jin kunya, har da yin ƙasa da murya. A faɗe shi a hankali sau ɗaya, gaɓa-gaɓa, sannan a faɗe shi yadda ake kiransa. Dogon bayanin asalin sunan da ma'anarsa kuma a ajiye shi sai lokacin shan shayi, in an tambaya.

Wurin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne abin da ke biyo bayan gyaran. Ba ke kaɗai kike jin nauyi ba. Baturen da aka gyara wa suna sau da yawa yakan rikice, ya shiga ba da haƙuri ba ƙaƙƙautawa, fuskarsa ta yi ja, yana tsoron a ɗauke shi mai wariya. In kika bar shi a wannan hali, gobe zai kauce wa sunan. Ke ce za ki sauke masa kayan: "Ba komai, kowa sai ya ji sau biyu." Sannan ki juya abin: "Ni ma gaya mini, naki ina faɗinsa daidai?" A asibitocin Ingila za ki tarar da 'yan Indiya da Filifin da Folan da Ailan, da yawansu su ma an daɗe ana karya musu suna. Da kin tambayi mutum nasa, maganar ta tashi daga gyaran kuskure ta koma gaisawa tsakanin abokan aiki.

Mai aiki a asibitocin Birtaniya ma tana da wata ƙofa a buɗe. A 2013 wata likita, Kate Granger, tana kwance tana jinyar cutar kansa, ta lura ma'aikata da yawa suna zuwa kanta ba su faɗa mata sunansu. Ita da mijinta suka fara kiran a riƙa gabatar da kai ga mara lafiya da suna. Ta rasu a 2016, amma al'adar ta zauna, har asibitoci da yawa suna ba ma'aikata bajon ƙirji mai ɗauke da gaisuwa da suna. Saboda haka in Sa'adatu ta tsaya a kan sunanta, a cikin tsarin gidan take. Tana iya roƙon a buga mata bajon da cikakken sunan, har da ɗaurin tsakiya. Kuma duk gadon da ta je ta ce sunana Sa'adatu, abokan aikin da ke kusa suna ƙara jin yadda ake faɗinsa ba tare da an gyara wa kowa ba. Akwai kuma dalilin aiki, wanda ba mai musunsa: in mara lafiya ya faɗi aka ƙwala kiran sunan da kunnenki bai saba da shi ba, za ki iya yin jinkirin juyowa.

Ba sai kin bi mutum talatin ɗaya bayan ɗaya ba. Suna a wurin aiki daga baki zuwa baki yake yawo, kuma mutane bakin mai kira suke kwaikwayo. Ki nemi wanda ya fi kiran sunaye da ƙarfi: mai rabon aiki da safe, mai amsa waya a teburin shiga, mai jagorantar taro. In nasu ya gyaru, na sauran zai bi. Shugaba kuwa, in da hali, a same ta ita kaɗai, kafin taro ko bayansa, wannan ya dace da tarbiyyarmu kuma ya dace da tasu. In kika yi dace da abokiyar aiki guda da ta iya sunan, ki roƙe ta ta riƙa kiransa a bainar jama'a. Gyaran da ya fito daga bakin wani yakan shiga ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Rubutu ma yana ɗauke rabin wahalar. A ƙasan saƙon imel, inda ake sa suna da muƙami, a ƙara layi ɗaya da ke nuna furucin da ƙa'idar karatunsu. Ta Sa'adatu ga mai Turanci za ta iya zama sa-AH-da-too, manyan haruffan suna nuna inda za a ja. Kafin ki sa, ki ba wani ɗan ƙasar ya karanta a gabanki ba tare da ya ji daga bakinki ba. In abin da ya fito bai yi ba, rubutun za a canza. Dandalin LinkedIn kuma tun 2020 ya ba da damar mutum ya naɗi muryarsa ta daƙiƙa 10 yana faɗin sunansa, ta manhajar waya, duk wanda ya buɗe shafinsa ya saurara.

To in an riga an makara fa? Wata takwas ana ce miki Sadi, kina amsawa, yanzu da wane baki? Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane, domin gani suke kamar za su tona cewa sun daɗe suna haɗiye abu. Maganar ba ta bukatar ɗora wa kowa laifi. Ki ce, "Akwai abin da na bari ya wuce lokacin da nake sabuwa. Cikakken sunana Sa'adatu, kuma shi nake so a koma kira." Ki nemi gaɓar da ta dace, kamar zuwan sabon ma'aikaci da za a gabatar da kowa, ko canjin ɗaki, ko sabon bajo. Ki kuma sa rai za a yi ta tuntuɓe na 'yan makonni, tsohon sunan yana suɓucewa. In ya suɓuce, ki faɗi daidai ɗin kalma ɗaya cikin murmushi ki ci gaba da maganar da ake yi. 'Yar wasan fim ɗin Birtaniya Thandiwe Newton, wadda mahaifiyarta 'yar Zimbabuwe ce, an yar mata da harafin w a rubutun sunanta tun fim ɗinta na farko a 1991, ta yi shekara 30 ana rubuta shi a haka, sai a 2021 ta sanar cewa ta dawo da shi.

Saura mutum guda, wanda ba harshe ne matsalarsa ba. Ana gane shi. Mai kuskuren gaskiya yana gwadawa, kuskurensa yana raguwa, in an gyara masa yakan maimaita. Wannan kuwa ba ya gwadawa ko kaɗan, ko ya karya sunan yana waigen mutane don a yi dariya, ko ya ci gaba da kiranki da sunan da ya ƙirƙira bayan kin ce ba kya so, wani lokaci ma ki ji ya faɗi sunan tsaf ranar da yake neman ki karɓar masa aiki. A nan dabarun furuci sun ƙare. Ki faɗa masa sau ɗaya a fili, ba raha. In ya sake, ki aika masa gajeren saƙo a rubuce, ki riƙa ajiye rana da wuri da waɗanda suka ji, sannan ki kai wa shugaba ko ofishin kula da ma'aikata ko wakilin ƙungiyarku ta ƙwadago. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana muzgunawa a wurin aiki saboda launin fata ko ƙasar asali ko ƙabila ko addini. A Amurka kuma an taɓa yin shari'ar wani ma'aikaci ɗan asalin Masar, Mamdouh El-Hakem, wanda shugaban kamfaninsu ya dage yana kiransa Manny duk da ya sha cewa ba ya so. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya da diyya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka wakilin ƙungiya ko mai ba da shawarar shari'a na inda kike shi ne zai duba takardun da kika tara ya gaya miki matakin da ya dace da lokacin da doka ta ba ki.